Na sayar wa mutum biyu jaka ɗaya, WhatsApp Business ɗin ma bai hana ba

Anti barka da aiki. Ina da ɗan shago na jakunkuna da takalman mata, kuma kusan duk cinikina ta waya nake yi. Saƙonni sun fi ƙarfina wallahi. Kwanan nan na karɓi kuɗin mutum biyu a kan jaka ɗaya, wata kuma ta biya na manta ban tura mata kayanta ba sai da ta yi min tatas. An ce in koma WhatsApp Business na koma, na kunna saƙon nan da yake amsawa da kansa, yanzu har mahaifiyata idan ta yi min magana sai ya ce mata "mun gode da tuntuɓarmu". Ni da ƙanwata muke riƙe wayar, kowa ya amsa nasa. Maigida kuma ya fara ƙorafi ina kan waya har tsakar dare. Ni in koma WhatsApp ɗina na da kawai ko yaya zan yi?

Ƙanwata, kar ki koma. Manhajar ba ta gaza ba, abu ɗaya kika kunna cikin huɗu, kuma wanda kika kunna ɗin shi ne mafi ƙarancin amfani ga ciwon da yake damunki. Abin da yake ba ki wahala shi ne duk lissafin shagon a kanki yake, wa ya tambaya, wa ya ce a ajiye masa, wa ya biya, wa aka tura wa, rabi a kanki rabi a kan ƙanwarki, kuma babu inda rabin biyu suke haɗuwa. Duk gyaran da zan faɗa miki abu ɗaya yake nufi, a fitar da wannan lissafin daga kai a sa shi a wayar ta yadda duk wadda ta ɗauka a cikinku za ta gani ba sai ta tambayi 'yar'uwarta ba.

Duk kayan aikin suna wuri ɗaya, ki shiga Settings sai Business tools, a wasu wayoyin kuma za ki ga Tools a ƙasan allo kai tsaye.

Ki fara da Catalog, domin sai kaya yana da suna kafin a iya bin sawunsa. Yanzu haka na tabbata yadda ake yi miki magana shi ne "wannan baƙar ta status ɗin jiya", ke kuma kina da baƙaƙen jakunkuna kala-kala, status ɗin ma ya ɓace bayan awa 24, to ta ina ƙanwarki za ta san wacce ake nufi? A katalog kowane kaya yana da gurbin hoto, suna, farashi, bayani, da wani gurbi da ake kira Item code wanda mutane suke tsallakewa don ba dole ba ne, alhali shi ne ginshiƙin abin. Ki ba kowane kaya gajeriyar lamba, jaka ta fara da J takalmi da T, misali J14 ko T07, kuma ki sa lambar a farkon sunan kayan ma, sannan ki rubuta ta a 'yar takarda ki manna a jikin ledar kayan a shago. Daga ranar duk hoton da kika ɗora a status ki rubuta lambarsa a ƙasa. Amfanin wannan za ki gan shi ranar da rigima ta taso, ki je wurin bincike ki rubuta J14, duk hirar da aka ambaci jakar za ta fito miki a jere.

Katalog yana ɗaukar kaya har 500, kowanne da hoto har 10, amma don Allah kar ki ce sai kin zuba duk shagon a rana ɗaya, za ki gaji ki watsar. Ki fara da waɗanda aka fi tambaya, guda 20 ko 30, ki ware su da Collections, jakunkuna gefe takalma gefe. Shawarata kuma kowace kala ki sa ta a matsayin kaya daban, baƙa J14, ja J15, ko da samfurinsu ɗaya ne. Dalili shi ne katalog ɗin nan ba ya ƙirga kaya. Ki riƙe wannan da kyau, bai san guda nawa suka rage miki ba, kuma idan kwastoma ta sa abu a Cart, wato kwandon saye, ta turo miki, saƙo ne kawai ya iso, ba a biya ba, ba a cire komai daga shago ba, mutum goma za su iya turo oda a kan jaka ɗaya tilo manhajar ba za ta ce uffan ba. Ke ce za ki shiga ki ɓoye kayan da hannunki, akwai zaɓin Hide a kan kowane kaya, yana ɓacewa daga idon masu saye amma yana nan wurinki, idan kaya ya dawo ki buɗe shi ba sai kin sake ɗaukar hoto ba. To idan kin haɗa kala uku a gurbi ɗaya, baƙa ta ƙare, ba ki da yadda za ki ɓoye ta ita kaɗai. Takalmi kuwa ki rubuta sayis ɗin da suke nan a bayani, 37, 38, 40, kina gogewa idan sun ƙare.

Wani abu kuma, duk kayan da kika ɗora sai an duba shi kafin ya bayyana ga mutane, saboda haka idan kin sa abu kwastoma ta ce ba ta gani ba, ki duba ko har yanzu yana jiran dubawa ko an ƙi shi. Akwai kayan da dokarsu ta hana kamar magunguna, taba da makamai, naki kayan ba sa ciki.

Yanzu ga inda nake so ki fi ba hankalinki, wato Labels, a sababbin sigogi za ki iya ganin an rubuta Lists, aikin dai ɗaya ne. Alama ce mai kala da kike manna wa hira, kwastoma ba ta ganin ta, ke kaɗai da wanda yake riƙe da wayar. Ana iya yin har guda 20, kuma manhajar tana zuwa da wasu nata, kamar New customer, New order, Pending payment, Paid da Order complete. Kina iya canza musu suna zuwa Hausa, kuma ni na fi son haka don ƙanwarki da duk wanda zai taya ki gobe. Kuskuren da na fi gani shi ne a mai da alamar abin siffanta mutane, wannan mai kirki, wannan mai yawan ciniki, wannan 'yar unguwa, sai a wayi gari alama 15 babu wadda take gaya maka abin da za ka yi yau. Ki bar alamar ta amsa tambaya ɗaya tak, wannan odar ina ta tsaya? Guda huɗu sun ishe ki, Jiran biya, An biya, An tura, sai Matsala don wadda ta dawo da kaya ko take son canjin sayis.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce hira ɗaya alama ɗaya. Idan kin sa An biya ki cire Jiran biya a take, manhajar tana barin ki jibga wa hira alama biyu ko uku, to idan kika bari suka taru lissafin ya lalace kenan, za ki buɗe Jiran biya ki ga mutanen da suka biya tun makon jiya, daga nan kin daina yarda da jerin, idan kuwa kin daina yarda da shi kin koma dogaro da kanki. Kuma ana canza alamar ne a lokacin da abin ya faru, kafin ki fita daga hirar, ban da "bari in gama da wannan in dawo". Daƙiƙa biyar ce.

Jerin An biya shi ne mafi nauyi a wayarki, domin duk wanda yake ciki kuɗinsa yana hannunki kayansa ma yana hannunki, amana ce. Kafin ki rufe shago kullum ki buɗe shi, ko dai ya zama babu kowa, ko kuma duk wanda ya rage kin gaya masa ranar da kayansa zai tashi. Da wannan kaɗai kika yi babu yadda za a yi wata ta biya ki manta da ita.

Quick replies kuma saƙonni ne da kika rubuta kika ajiye, idan kina cikin hira ki danna alamar / sai su fito ki zaɓa. Ana iya ajiye har 50, kowanne da gajeren suna, kuma a waya kina iya haɗa shi da hoto. Mutane suna ɗauka don sauri kawai aka yi su, eh akwai saurin, amma a shagon da mutum biyu suke amsa saƙo babban amfaninsu shi ne bakinku ya zama ɗaya, kar ke ki ce ana canza kaya cikin kwana biyu ƙanwarki ta ce ba a canzawa. Kuma lambar asusu da ake rubutawa da hannu sau ashirin a rana wata rana sai an yi kuskuren lamba ɗaya. Ki fara da waɗannan biyar, ki guji haruffa masu lanƙwasa a sunayen don su yi saurin fitowa:

```
/oda
/asusu
/babu
/tuni
/tura
```

Na farkon shi ne zuciyar tsarin. Ki rubuta shi da gurabe da za ki cike, kamar haka: "Ga odarki don mu tabbatar. Kaya: ... Kala da sayis: ... Jimilla da kuɗin kaiwa: ... Na ajiye miki zuwa ƙarfe ..., idan lokacin ya wuce zan mayar da shi kasuwa. Idan komai daidai ne ki amsa da eh." Idan kin zaɓe shi yana sauka ne a wurin rubutu, ba ya tafiya sai kin tura, saboda haka kina da damar cikewa da sa sunan mutum a farko. Ki riƙa sa sunan, da kalma ɗaya ko biyu taki ta kanki, shi ne bambancin saƙon da aka ajiye da saƙon da mutum zai ji kamar da bango yake magana.

Bari mu bi oda ɗaya daga farko har ƙarshe ki ga yadda suke kama hannun juna. Ƙarfe 11:40 na dare wata ta ga J14 a status ta rubuto tana nan? Ke kin yi barci. Saƙon rufewa, wato wanda yake amsawa da kansa, ya amsa mata cewa an tashi, za a amsa daga ƙarfe 9 na safe, ga mahaɗin katalog ta duba kafin nan. Ta shiga, ta sa J14 a Cart ta turo. Da safe ƙanwarki ce ta ɗauki wayar, abin farko ba rubutu ba ne, ta leƙa kantar shago ta ga J14 da idonta, guda ɗaya ta rage. Sai ta tura /oda ta cike, ta sa wa'adin ƙarfe 6 na yamma. Matar ta ce eh, sai /asusu. A nan take, kafin ta buɗe wata hira, abu uku za ta yi, ta sa alamar Jiran biya, ta shiga katalog ta ɓoye J14, ta ɗauke jakar daga kanta ta ajiye gefe da sunan matar a takarda. Lura, a lokacin ajiyewa ake ɓoye kaya, ba a jira sai an biya, domin a tsakanin nan ne ake sayar wa mutum biyu abu ɗaya.

Da rana ke kika karɓi wayar, wata daban ta turo hoton J14 ɗin da ta ajiye a wayarta tun jiya tana so. Kin rubuta J14 a bincike, kin ga hirar safe da alamar Jiran biya a jikinta, ba ki kira kowa ba kin san an riƙe ta. Sai ki tura /babu, wanda zai ce an riga an ajiye wa wata, idan ba ta ɗauka ba zuwa yamma za ki sanar da ita, ga kuma makamanciyarta, ki tura mata J15 daga katalog. Kar ki ba ta lambar asusu sam, mutum idan yana da lambar asusu yana iya turo kuɗi ba tare da ya jira ki ba, shi ya sa ma ban yarda a sa lambar asusu a saƙon da yake tafiya da kansa ko a bayanin shago ba.

Ƙarfe 2 ta farkon ta turo hoton shaidar biya. Hoto ba kuɗi ba ne ƙanwata, ana ƙirƙirar sa, kuma ko na gaskiya ne kuɗi yana iya maƙalewa a hanya ya koma wa mai shi. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga shigarsa, sannan ki cire Jiran biya ki sa An biya. Idan mai kai kaya ya karɓa, /tura da bayanin wanda ya ɗauka da lokacin da za a sa ran isa, alama ta koma An tura. Ta ce ya iso lafiya, ki cire alamar gaba ɗaya ki sa hirar a Archive ta bar gabanki. Idan kuwa ƙarfe 5 ta yi shiru ne, /tuni sau ɗaya cikin ladabi, 6 ta wuce ki cire alamar, ki koma wa ta biyun da kika yi wa alkawari, idan ita ma ta fasa ki buɗe J14 a katalog. Wanda ya yi oda biyu a lokuta daban kuma, ki bar alamar a kan wadda ta fi baya a tafiya, saƙon /oda na kowacce yana nan a hirar ya bambance su.

Sai Away message da ya jawo miki abin kunya wurin Mama. Saiti biyu ne a cikinsa, lokaci da kuma waɗanda za a tura wa. A lokaci akwai Always send, Custom schedule, da Outside of business hours. Na farkon yana tafiya ko da kina zaune kina kallon wayar, shi ya sa mutane suke jin haushi, an ce musu ba kya nan ga ki kuma a kan layi. Ki zaɓi na ukun, amma sai kin fara shiga bayanin shagonki kin sa ranaku da awannin buɗewa na gaskiya, idan kin bar shi a kan kullum a buɗe to babu lokacin rufewar da zai yi aiki da shi. Custom schedule na ranar tafiya ne ko rashin lafiya, ki sa farko ki sa ƙarshe ya kashe kansa.

A Recipients kuma yanzu naki yana kan Everyone. Mutane da yawa suna gudu zuwa Everyone not in address book, wato duk wanda ba ki ajiye lambarsa ba, wannan zai raba Mama da saƙon amma zai raba tsofaffin kwastomominki ma tun da kin ajiye lambobinsu, su ne kuwa suka fi cancanta su san yaushe za ki amsa. Ki zaɓi Everyone except ki cire 'yan gida da ƙawaye ɗaya bayan ɗaya. Gyaran da ya fi wannan ɗorewa shi ne layi daban na shago, lamba ɗaya ba ta zama a WhatsApp na gida da na kasuwanci a lokaci guda, amma manhajojin biyu suna zama a waya ɗaya da lambobi biyu. Idan za ki raba, ki bar wa shago lambar da kwastomomi suka sani, 'yan'uwa sun fi sauƙin sanarwa, kuma ki yi ajiyar hirarrakinki kafin ki taɓa komai.

Ki sani saƙon nan daga wayarki yake fita, sai tana kunne kuma tana da intanet. Idan kina kashe data da dare ba zai tafi a lokacin ba, ki bar datar a kunne ki kashe ƙarar, ki sa wayar a caji a wani ɗaki. Ki gwada shi ma, bayan an rufe ki sa wani wanda ba ki cire ba ya yi miki magana ki ga abin da ya samu. Shi rubutun kuma ki cire "mun gode da tuntuɓarmu", ki rubuta yadda kike magana: "Sannu, mun tashi yau. Ina amsa saƙonni daga 9 na safe bi da bi. Ki duba kaya da farashi a nan, ki turo lambar wanda kike so." Duk lokacin da kika rubuta a ciki alkawari ne, idan kin san sai 10 kike zama kar ki rubuta 9. Greeting message da yake kusa da shi daban ne, yana zuwa ga wanda ya fara yi miki magana ko wanda ya dawo bayan kwana 14 ba ku yi hira ba, idan kin kunna shi ki taƙaita shi layi biyu, kuma kar ya maimaita abin da saƙon rufewa ya faɗa.

Maganar maigida, ina ganin yana da gaskiya, kuma ke ma kina buƙatar barcin. Na san tsoron, kar mai saye ta tafi wani wuri kafin safiya. Wasu za su tafi, ba zan ɓoye miki ba, amma wadda aka gaya wa ƙarfe nawa za a amsa kuma ta ga kaya da farashi da idonta tana da dalilin jira, kuma amsar da kike bayarwa cikin magagin barci ba tare da kin ga kantar shago ba ita ce irin wadda take haifar da alkawarin jakar da babu. Ki zauna da shi ku tsayar da lokacin rufewa tare, shi ne za ki sa a saitin.

Ita kuma wadda aka manta da kayanta, ki kira ta da murya, ban da rubutu, ki ba ta haƙuri ba tare da kin ɗora wa ƙanwarki ko yawan saƙo laifi ba, idan da hali ki ɗauke mata kuɗin kaiwa a odarta ta gaba. Sannan ku ware yamma ɗaya ke da ƙanwarki, ku bi hirarrakin makonni biyu da suka wuce ɗaya bayan ɗaya kuna manna alama, ku fara da neman duk wanda ya turo kuɗi ku gwada da abin da ya shiga asusu, domin akwai yiwuwar akwai wata da ta biya tana can tana jira ba ta yi magana ba tukuna.